Yadda ake gane ko fankshin analitik ce, da yadda ake nemo wa u abokiyar burminta v

Wannan aikin na yi shi sau ba adadi, na yi wa kaina na kuma zauna da masu koyo mun yi tare, kuma abin da na lura shi ne lissafin kansa ba shi da wahala, duk wanda ya iya difarenshiyet da intigiret na yau da kullum zai iya. Inda mutane ke faɗuwa wuri biyu ne kusan kullum, ko dai su duba sharaɗin Cauchy da Riemann, wanda zan kawo a ƙasa, a ɗigo ɗaya su ce ai shi ke nan analitik ce, ko kuma wajen intigiret su rubuta C a inda ya kamata su rubuta g(x). Toh bari mu bi shi daki-daki.

Kayan aiki

Takarda mai faɗi da fensir, ba biro ba, don za ka yi goge-goge na alamar mainos. Kalkuleta ba dole ba ce, sai dai a ƙarshe in kana so ka gwada amsarka da lamba.

Sai abin da ya kamata ya zauna maka a kai. Na farko z = x + iy, kuma i² = −1. Fankshin f kuma ana rubuta ta u + iv, u ɓangaren riyal, v ɓangaren imajinari, kuma ana ce mata analitik a wani ɗigo in tana da dirabatif a ɗigon da duk kewayensa. Na biyu fashiyal dirabatif, wato ka difarenshiyet a kan x kana kallon y kamar wata lamba ce da aka daskarar, ko akasin haka. Zan riƙa rubuta u_x a maimakon ∂u/∂x don sauƙin bugawa, u_xx kuma an yi sau biyu ke nan. Na uku waɗannan ikweshin guda biyu da ake kira na Cauchy da Riemann:

```
u_x = v_y
u_y = −v_x
```

Na huɗu ikweshin na Laplace, u_xx + u_yy = 0. Duk fankshin da ta cika wannan, kuma dirabatif ɗinta na biyu ba sa tsinkewa, ita ake cewa hamonik.

In ka manta inda mainos ɗin yake, wanda kowa ma yana mantawa, kada ka yi canke, ka sake fito da shi, minti ɗaya ne. Ma'anar f'(z) ita ce ko ta wace hanya ka tunkari ɗigon amsa ɗaya za ka samu. In ka taho ta gefen x za ka samu u_x + i v_x. In ka taho ta gefen y, takunka ba h ba ne, ih ne, don haka sai ka raba da i, kuma 1/i = −i, sai ka samu v_y − i u_y. Ka daidaita biyun, riyal da riyal, imajinari da imajinari, ga ikweshin ɗin sun fito. Daga wannan i ɗin da ke ƙasa mainos ya zo. Af, sunan Cauchy da Riemann ne ya bi su, Cauchy ya yi aiki da su a 1814, Riemann a kundin digirinsa na 1851, amma tun 1752 d'Alembert ya riga ya rubuta su yana nazarin gudun ruwa.

Kashi na farko: an ba ka f, ana tambaya analitik ce?

Mataki na 1. Raba f gida biyu.

Ka sa x + iy a duk inda z yake, ka buɗe, duk abin da ba shi da i ka tara shi ya zama u, duk abin da ke manne da i ya zama v. Misali f = z² ya zama x² − y² + i(2xy), ka ga u = x² − y², v = 2xy.

Kula a nan, v ba ta ɗauke da i. v = 2xy ne, ba 2ixy ba. u da v duk fankshin ne na lambobin riyal zalla, in ka ga i ta maƙale a cikin ɗayansu to rabon bai ƙare ba. In z a ƙasa yake kamar 1/z, ka ninka sama da ƙasa da x − iy, ƙasan ya koma x² + y², sannan ka raba.

Mataki na 2. Fito da dirabatif huɗu, ka jera su.

Ni yadda nake yi, ina zana ɗan akwati mai gida huɗu, u_x da u_y a sama, v_x da v_y a ƙasa, sai in kwatanta su a karkace kamar alamar sau. A z² ɗin nan u_x = 2x, v_y = 2x, sun yi daidai. u_y = −2y, v_x = 2y, ɗaya kishiyar ɗaya, shi ma ya yi. Kada ka yi a ka wai don ya yi sauƙi, rubuta duka huɗun.

Mataki na 3. Tambayi kanka A INA suka yi daidai.

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan zan ɗan daɗe. Tambayar ba wai "sun yi daidai ko ba su yi ba" ce kawai, ikweshin ne guda biyu da za ka warware ka ga waɗanne ɗigogi (x, y) ne suka cika su. Abu uku ne zai iya faruwa.

Ko dai babu ko'ina. Ɗauki f = x − iy, wato kwanjuget na z. u_x = 1, v_y = −1, kuma 1 ba zai taɓa zama −1 ba, magana ta ƙare, ba ta da dirabatif a ko'ina.

Ko kuma ko'ina, kamar z², 2x = 2x ba ruwansa da wane x ka sa.

Ko kuma na ukun, wanda shi ne tarkon, su yi daidai a wani ɗigo ɗaya ko a kan wani layi kawai. Duba wannan:

```
f = x² + i y²
u_x = 2x    u_y = 0
v_x = 0     v_y = 2y
```

Na biyun 0 = 0 ne, lafiya lau. Na farkon yana cewa 2x = 2y, wato sai a kan layin y = x kaɗai. To a kan wannan layin f tana da dirabatif, babu shakka, a (3, 3) misali f' = 6. Amma analitik fa? Babu ko a ɗigo ɗaya. Dalili shi ne kafin a ce fankshin analitik ce a wani ɗigo, sai an iya zana ɗan da'ira kewaye da ɗigon, komai ƙanƙantarsa, a ce a duk cikin da'irar nan tana da dirabatif. Layi kuwa ba shi da kauri, duk da'irar da ka zana a kan (3, 3) sai ta haɗa da ɗigogin da x da y ba su yi daidai ba. Haka |z|² = x² + y² take, u_x = 2x sai ya zama 0, u_y = 2y sai ya zama 0, ɗigo ɗaya tal ke nan, orijin, tana da dirabatif a can amma ba analitik ba ce a ko'ina. Na sha ganin an rubuta "analitik ce a z = 0 kaɗai", wannan jimlar ba ta ma da ma'ana, ba a zama analitik a ɗigo ɗaya shi kaɗai ba maƙwabta.

Mataki na 4. Duba ko dirabatif huɗun nan ba sa tsinkewa.

Cika ikweshin na Cauchy da Riemann dole ne, amma a ɗigo guda shi kaɗai bai wadatar ba. Ikweshin ɗin hanya biyu kawai suka gwada, ta x da ta y, alhali ana iya tunkarar ɗigo ta ko'ina. Abin da ke rufe sauran hanyoyin shi ne a ce u_x, u_y, v_x, v_y duk kwantinyuwas ne a wurin. In folinomiyal ne ko e^x ko sin ko cos, layi ɗaya za ka rubuta ka ce ba sa tsinkewa a ko'ina ka wuce. In akwai abu a ƙasa, ka cire inda ƙasan ya zama 0. Amma in ka ga rut, ko alamar | |, ko an ce fankshin ɗin kaza ce in z ≠ 0 kuma 0 ce a z = 0, to ka tsaya.

Ga abin da nake nufi, f = √|xy|, v = 0. A kan layin x duk f sifili ce, a kan layin y ma haka, don haka a orijin dirabatif huɗun duk 0 ne, ikweshin sun cika tsaf. Yanzu taho ta karkace, z = h + ih da h > 0, sai f = h, ka raba da z ka samu 1/(1 + i), wanda ba 0 ba ne. Hanya biyu amsa biyu, babu dirabatif ke nan duk da ikweshin sun ce komai lafiya. A irin wannan ɗigon dole ka koma ga limit ɗin kansa ka gwada ta layin y = mx, in amsar ta dogara da m to ta faɗi.

Mataki na 5. Rubuta dirabatif ɗin.

In komai ya yi, f'(z) = u_x + i v_x. A z² ya ba ka 2x + i2y = 2z, daidai da abin da ka sani tun da.

Akwai wata 'yar dabara ta hango amsa tun kafin ka fara. In bayan ka gama sauƙaƙawa har yanzu kwanjuget na z na nan a ciki, ko |z|, ko x shi kaɗai wanda ya ƙi haɗuwa da iy, to da wuya ta zama analitik. Ina amfani da ita ne don in san inda na dosa, amma aikin matakan nan sai an nuna shi.

Kashi na biyu: an ba ka u kaɗai, ka nemo v

v ɗin da ake nema ita ce wadda za ta sa u + iv ta zama analitik, ita nake kira abokiyar burmin u. Misalin da za mu bi har ƙarshe shi ne:

```
u = x³ − 3xy² + 2y
```

Mataki na 1. Tabbatar u hamonik ce tukuna.

u_x = 3x² − 3y², u_xx = 6x. u_y = −6xy + 2, u_yy = −6x. Ka haɗa 6x da −6x ka samu 0, ta cika. In ba ta cika ba ka ajiye fensir, babu wata v a duniya da za ta dace da ita. Dalilin kuwa gajere ne, in u_x = v_y to u_xx = v_yx, in u_y = −v_x to u_yy = −v_xy, su biyun kuma suna cinye juna. Kuma ba asarar lokaci ba ce, u_x da u_y ɗin da ka fitar su za ka yi aiki da su yanzun nan.

Mataki na 2. Ɗauki ikweshin na farko ka intigiret a kan y.

v_y = u_x = 3x² − 3y². Kana intigiret a kan y, x daskararre ne:

```
v = 3x²y − y³ + g(x)
```

Wannan g(x) ɗin ita ce zuciyar aikin. Tunda a kan y ka yi intigiret, duk wani abu da x ne kawai a cikinsa, ko x² ne ko sin x ne ko mene ne, da an difarenshiyet a kan y ɓacewa yake, don haka ba ka da hanyar sanin ko yana nan ko ba ya nan, sai ka bar masa gurbi. In ka rubuta C kawai ka rufe gurbin ke nan. Ni kaina na taɓa yin haka a jarrabawa lokacin ina ɗalibi, abin haushin shi ne duk misalan da na yi atisaye da su a daren g'(x) sifili take fitowa, sai na ɗauka kullum haka ne na daina rubuta ta, ranar kuwa aka kawo wadda ba sifili ba, rabin amsar ya tafi ban ma sani ba sai da takarda ta dawo. Shi ya sa na zaɓi wannan misalin mai 2y a jikinsa da gangan.

Mataki na 3. Difarenshiyet v ɗin nan a kan x, ka kai ta gaban ikweshin na biyu.

Daga abin da ka samu, v_x = 6xy + g'(x). Ikweshin na biyu kuma ya ce v_x = −u_y = −(−6xy + 2) = 6xy − 2. Ka sa baka kafin ka shigar da mainos ɗin, don ya shafi duka biyun, mutane da yawa suna juya alamar na farko su manta da na biyu. Yanzu:

```
6xy + g'(x) = 6xy − 2
g'(x) = −2
g(x) = −2x + C
```

Ka lura da yadda 6xy ya cinye 6xy. Wannan ba sa'a ba ce, kuma shi ne abin da na fi so a hanyar nan, aikin da kansa yake gaya maka in ka yi kuskure. Dole duk wani y ya ɓace a wannan layin, don g' ta x ce kaɗai. In y ya rage, ko dai ka yi ɓarin alama a baya, ko kuma u ɗin ba hamonik ba ce tun farko. Gwada da u = x² + y² ka gani, v_y = 2x, v = 2xy + g(x), v_x = 2y + g'(x), ana so ya zama −2y, sai ka samu g'(x) = −4y, abin da ba zai yiwu ba. Kada ka ce bari in intigiret haka nan in samu −4xy, na ga masu yi, wannan rufe ido ne kawai. In abin da ya rage ya zama ninki biyu na wani abu da ya kamata ya ɓace, kamar a ce 12xy a misalinmu, kusan kullum mainos ɗin ikweshin na biyu ka manta.

Mataki na 4. Haɗa.

```
v = 3x²y − y³ − 2x + C
```

C lamba ce ta riyal, kuma yanzu ne take da hurumin shigowa. In an ba ka wani sharaɗi ka yi amfani da shi ka fitar da ita, in ba a ba ka ba ka bar ta.

Mataki na 5. Mayar da f cikin z.

f = u + iv. Hanya mafi sauri ita ce ka sa y = 0 ka canja x zuwa z. u(x, 0) = x³, v(x, 0) = −2x + C, don haka f = z³ − 2iz + iC. Da an ce f(1) = 1, sai 1 − 2i + iC = 1, C = 2.

Mataki na 6. Gwada da lamba.

Ɗauki C = 0 da z = 2 + i. z³ = 2 + 11i, −2iz = 2 − 4i, jimla 4 + 7i. Ta ɗaya ɓangaren u(2, 1) = 8 − 6 + 2 = 4, v(2, 1) = 12 − 1 − 4 = 7. Sun haɗu. Kada ka gwada da x = y ko da sifili, irin waɗannan lambobin suna ɓoye kuskure, a misalin nan ma z = 1 + i sifili yake bayarwa ta ko'ina, ba abin da za ka koya.

In intigiret ɗin ya yi maka nauyi

Ba dole ne ka fara da v_y ba. Kana iya farawa da v_x = −u_y ka intigiret a kan x, gurbin sai ya zama h(y), ka ƙarasa da ɗaya ikweshin ɗin. Amsa ɗaya ce, ka dubi wanda ya fi sauƙi ka fara da shi.

In duka biyun sun yi muni, akwai hanyar Milne-Thomson. Tunda v_x = −u_y, ana iya rubuta f' da u kaɗai, f' = u_x − i u_y, sai ka sa x = z, y = 0, ka intigiret a kan z kai tsaye. Ɗauki u = e^x(x cos y − y sin y), wadda ta hanyar farko sai ka yi fama da intigiret na y sin y.

```
u_x = e^x(x cos y − y sin y + cos y)  →  (z + 1)e^z
u_y = −e^x(x sin y + sin y + y cos y) →  0
f' = (z + 1)e^z
f = z e^z + iC
```

Sai ka buɗe (x + iy)e^x(cos y + i sin y), ka kwashi abin da ke manne da i, v = e^x(x sin y + y cos y) + C. Gargaɗi ɗaya mai ƙarfi, wannan hanyar makauniya ce, ko u ba hamonik ba ce sai ta ba ka amsa ba tare da ta yi ƙorafi ba. Ka ba ta x² + y², za ta miƙo maka z² hankali kwance, alhali riyal ɗin z² shi ne x² − y². Don haka a nan duba Laplace ba abin tsallakewa ba ne. Kuma yankin da kake aiki sai ya taɓa wani yanki na layin x, tunda y = 0 kake sawa.

In kuma an ba ka abin cikin r da θ, ko ka ga x² + y² ya cika ko'ina, ka koma fola, ikweshin ɗin su ne u_r = (1/r)v_θ da v_r = −(1/r)u_θ, a inda r ≠ 0. Matakan ba su canja ba.

In v aka ba ka ana neman u

Ikweshin ɗin dai su ne, u_x = v_y ka intigiret a kan x, gurbi h(y). Amma kada ka ɗauka abota ce ta ba-ni-in-ba-ka. In v ce abokiyar u, abokiyar v ba u ba ce, −u ce, saboda −i(u + iv) = v − iu. Gwada 2xy + i(x² − y²) za ka ga ikweshin na farko ya ba ka 2y = −2y, ya faɗi. Ka karanta tambayar da kyau ka ga wanne aka ba ka, riyal ko imajinari.

Yanki mai rami

u = ½ ln(x² + y²), wato ln r, hamonik ce a ko'ina ban da orijin. Bi matakan a fola, u_r = 1/r, don haka v_θ = 1, v = θ + g(r), u_θ = 0 ya sa g' = 0, v = θ + C. Kamar an gama ko? To fara daga (1, 0) da θ = 0 ka zagaya orijin sau ɗaya ka dawo (1, 0), θ ta zama 2π, ɗigo ɗaya v biyu. Ma'ana a kan filin da aka cire wa orijin kaɗai, wannan u ba ta da abokiyar burmi mai ƙima guda, duk da hamonik ce. Tabbacin samun v yana nan ne a yankin da ba shi da rami a ciki, kamar cikin da'ira ko duk filin baki ɗaya. Maganin a nan shi ne ka yanke filin, ka cire layin x na ɓangaren mainos tare da orijin, ka ce −π < θ < π, a nan f = ln r + iθ ita ce Log z kuma analitik ce. In ka yi ta x da y ne za ka ga arctan(y/x) ta fito, ka sani wannan daidai take da θ ne kawai a inda x > 0, a (−1, 1) misali tana ba ka −π/4 alhali kusurwar 3π/4 ce, don haka ka rubuta yankin a gefen amsar.